Zan buɗe shago: baƙin keke, indastiriyal, ko mai kwamfuta?

Sabuwar Tela: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na gama koyon ɗinki a wajen antina, kuma in Allah ya yarda zan buɗe ɗan shago a ƙofar gidanmu kafin azumi. Ɗinkin mata nake yi, atamfa da leshi da hijabai, sai kayan yara jefi-jefi. Kuɗin da na tara zai saya min sabuwar Jack F4, ko kuma tsohuwar Juki DDL-8700 ta hannu da wani ya yi min tayi, ko in sayi Butterfly mai takawa in rage canji mai kauri. Ga kuma yayana da ke Amurka ya ce kada in ɓata kuɗina, zai aiko min da Brother CS6000i mai kwamfuta, wai tana da ɗinki kala 60. Wutar unguwarmu ba ta da tabbas, wani lokaci ta kwana biyu ba a kawo ba. Don Allah wacce zan kama?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka ƙanwata. Ai wannan ba abin tambaya ba ne, kyauta ce ta zo miki har gida, ki karɓa. Ɗinki kala 60 fa! Ki adana kuɗinki ki sayi kayan aiki. Ni da za a ba ni irinta ai da na yi ta rawa.

Tsohon Tela: 'Yata, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ki karɓi kyautar yayanki, ba a mayar da hannun kyauta baya, amma kada ki gina shago a kanta. Ki tuna aikin da kika yi a wajen antinki, ki ƙirga sau nawa kika bukaci wani ɗinki ban da miƙaƙƙe. Haɗa jiki, sa hannu, sa zif, kalmasa, duk miƙaƙƙen ɗinki ne. Shekaruna a wannan sana'a da baƙin keke na aurar da 'ya'ya. Ki sayi Butterfly, ba ruwanki da Nepa, ba ruwanki da janareta, kuma duk garin da kika je akwai mai gyaranta.

Mai Gyaran Keke: Baba ya faɗi gaskiya a kan miƙaƙƙen ɗinki, amma bari in raba wani abu da ake yawan cakuɗawa, don na ga tambayar ta haɗa keke huɗu kamar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Keke ya yi amfani da wuta ba shi ne ya zama mai kwamfuta ba. Juki DDL-8700 ɗin da aka yi miki tayi, kanta ƙarfe ne zalla, babu waya ko ɗaya a cikinsa. Mota ce a ƙarƙashin tebur take juya shi da bel. In motar ta mutu a cire a sa wata, kan yana nan daram. Ita ma Butterfly ana ɗaura mata 'yar ƙaramar mota a baya, in an kawo wuta ki taka feda, in an ɗauke ki mayar da bel ki koma takawa. Waɗannan biyun duk na ƙarfe ne.

Jack F4 tana tsakiya. Kanta shi ma ƙarfe ne, tsarinsa kusan irin na Juki, amma motar a manne take a jikin kan, babu bel, kuma akwai ɗan allon lantarki da ke sarrafa motar: gudu, da inda allura za ta tsaya, sama ko ƙasa. Ɗinkin kansa ƙarfe ne ke yinsa, tsawon ɗinki da hannu za ki murɗa.

Ita kuwa Brother CS6000i komai nata allon ne ke ba da umarni. Faɗin ɗinki, tsawonsa, motsin allura hagu da dama, duk ƙananan motoci ne a ciki ke yi bisa umarnin allo. Ranar da allon ya tafi, ko miƙaƙƙen ɗinki ba za ta yi miki ba. Kuma keken gida ce, an ƙera ta don mai ɗinka rigarta a ƙarshen mako, ba don wadda za ta zauna a kanta tun safe har dare a goman ƙarshe na azumi ba. Gudunta 850 ne a minti ɗaya, ita kuwa DDL-8700 tana kaiwa 5,500.

Sabuwar Tela: Na gode Malam. Ke nan ta yayana ba ta da amfani kwata-kwata?

Mai Gyaran Keke: Tana da shi sosai, a matsayin keke na biyu. Tana yin ramin maɓalli da kanta, tana yin zigizag, tana yin 'yan kwalliya a bakin hannun rigar yara. Waɗannan ba Juki ba Jack ba Butterfly, babu mai yi miki su a cikin ukun. Amma kafin ya aiko ki ce ya ɗauki hoton rubutun da ke bayanta. Kayan Amurka za ki ga an rubuta 120V 60Hz, mu kuma wutarmu 230 ce. Kika jona ta kai tsaye a soket, ƙara ɗaya za ki ji da warin ƙona, shi ke nan. Dole sai da 'yar taransifoma mai sauke wuta, kuma ki manna takarda a jikin fulogin don kada wata ƙanwarki ta jona a bango ba ki nan. Irin wannan ya fi komai yawa a kekunan waje da ake kawo min, kuma sau da yawa ba mai keken ce ta jona ba.

Ɗan Kwari: Ni dai shawarata ki sayi 20U, keken zigizag ɗin nan da ake yin aikin wuya da shi. Yanzu kuɗi a aiki yake. Wuyan kaftani ɗaya in ka yi masa aiki mai kyau ya fi kuɗin ɗinkin gaba ɗaya. Ga sallah na tafe, samari za su yi ta layi.

Anti Mai Shago: Ɗan Kwari ka karanta tambayar kuwa? Ɗinkin mata ta ce. Wane kaftanin samari kuma a ƙofar gidan mutane?

Ɗan Kwari: Mata ma ai suna sa aiki a bubu, Anti. Kuma 20U tana yin miƙaƙƙe in aka mayar da zigizag ɗin sifili. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Mai Gyaran Keke: Tana yi, ba a musa ba. Sai dai ramin farantinta dogo ne mai faɗi saboda allura ta samu wurin yawo hagu da dama. Ka sa mata yadi mai santsi mara nauyi irin na hijabi, allura sai ta tura yadin cikin ramin, ɗinkin ya tattare. Akwai faranti da ƙafa na miƙaƙƙen ɗinki da ake canzawa, amma wa zai riƙa kwance noti duk lokacin da aiki ya canza? Kuma aikin wuya sana'a ce daban, hannu ne da gwiwa, sai an zauna an koya. Ba ta ce ta koya ba.

Anti Mai Shago: Ƙanwata bari in ba ki nawa labarin, don ni ma ɗinkin mata nake. Da baƙin keke na fara, kuma ba zan zage shi ba, har yanzu yana kusurwar shagona, shi muke komawa in wuta ta ƙi. Amma mu daina ɓoye wa yara gaskiya: kwastoma ta yanzu tana leƙa shago ta ga irin keken da ke ciki kafin ta ajiye leshinta mai tsada. Kuma ba kallon banza ba ne. Indastiriyal tana da abin ɗaga ƙafa da gwiwa, hannuwanki biyu suna kan yadi. In kina haɗa siket mai fala-fala ko kina bin lanƙwasar wuya, wannan kaɗai ya isa ya canza tsabtar aikinki. Ga tebur mai faɗi, ga fili a ƙarƙashin hannun keken da doguwar riga za ta wuce ba tare da kin cukuikuye ta ba. Sannan bayanki da ƙafafunki. Takawa daga hantsi zuwa dare a lokacin ɗinkin sallah ba wasa ba ne, wanda ya yi ya sani.

Tsohon Tela: Hajiya, mu da muka yi muna nan da ƙafafunmu. Kuma wannan gudu da ake ta faɗa, 5,500, wa yake kaiwa can? Ku yi lissafi. In tsawon ɗinki milimita biyu da rabi ne, mita ɗaya ɗinki 400 ke nan. A ce riga da siket duka sun ci mita 15, ɗinki 6,000 ke nan. Keken da ke 5,500 a minti zai gama wannan cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu in da a miƙe yake. To wace tela ce ke gama riga da siket a minti ɗaya? Lokacin tela a awo yake tafiya, da yanka, da guga, da jera yadi a ƙarƙashin allura, da warware kuskure. Sabuwar tela in ta taka keke mai irin wannan gudu, abin da zai ƙaru warwara ce.

Mai Gyaran Keke: Lissafin Baba daidai ne, kuma shi ya sa ban sa gudu a gaba ba. Abin da ke sa indastiriyal ta fi ba saurin ba ne kawai, juriya ce. Tana da kaskon mai a ƙarƙashi da famfo da ke zagaya man cikin kai, ƙugiyarta kuma zagayawa take yi gaba ɗaya, ba kai da komo ba irin na baƙin keke, shi ya sa ba ta jijjiga kuma ɗinkinta ke fita iri ɗaya daga safe zuwa dare. Batun gudu ya fi ƙarfin sabon hannu kuwa, laifin tsohuwar mota ce mai kulochi. Ita da an kunna take juyawa da cikakken gudunta tana gurnani, taka feda kawai haɗa ta da bel yake yi, shi ya sa keken ke fizgewa. Motar sabo, wato servo, irin wadda ke jikin F4, za ki iya rage mata gudu da maɓalli har ta riƙa tafiya ɗinki ɗaya-ɗaya, kuma in kika ɗaga ƙafa tsit take yi, ba ta jan wuta sai ɗan kaɗan na allon.

Sabuwar Tela, tambayi mai Jukin nan, wace mota ce a ƙarƙashinta?

Sabuwar Tela: Na kira shi yanzu. Ya ce babbar mota ce mai nauyi, tana ƙara ko ba a taka ba. Ya ce wai ita ce mai ƙarfi, ba irin ta yanzu ba.

Mai Gyaran Keke: Mai kulochi ce ke nan. Ƙarfi tana da shi, kuma da wuya ta mutu, wannan gaskiya ne. Amma a unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta zo ba, ita ce za ta cinye miki riba. Yawancinsu wat 400 ne, kuma lokacin tashi suna jan ninkin haka sau da yawa. Ɗan ƙaramin janareta irin Tiger ɗin nan da ke ba da wajen wat 650, kina kunna ta zai shaƙe, wani lokaci ya mutu. In ma ya ɗauka, tana shan mai ne ko kina ɗinki ko kina hira da kwastoma.

Mai Sola: A nan zan sa baki, tunda an zo fannina. Motar sabo an rubuta wat 550 a jikinta, sai mutane su tsorata su ce ai ta fi mai kulochi ci. Wannan lambar iyakar abin da za ta iya ja ce in aka matsa mata, ba abin da take ja kullum ba. Ɗinkin atamfa ba ya kai ta can, kuma rabin lokacin ma ƙafarki ba ta kan feda.

Mu ƙaddara keke da ƙwai biyu da 'yar fanka suna cin wat 120 a tsaka-tsaki. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 600. A cire abin da inbata ke ci, a ce saura 500. Raba 500 da 120, awa huɗu da ɗan ɗoriya ke nan ba rana ba Nepa. In akwai fanel a kan rufi yana zuba masa da rana, kin wuce haka nesa. Wat 120 ɗin nan ƙaddarawa ce, ya danganta da hannun mai ɗinki, amma ya nuna miki girman abin. Sharaɗi biyu: inbatar ta zama wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta, saboda allon keken, kuma dutsen guga na wuta kada ya kusanci layin. Shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye. Ki nemi na gawayi.

Maman Biyu: Kai, yanzu kuma an koma sola. Yarinya ta ce kuɗin keke ɗaya gare ta, kuna lissafa mata batir da fanel.

Mai Sola: Hajiya ban ce ta saya yau ba. Na ce ta zaɓi keken da gobe in ta samu hali ƙaramin sola zai iya ɗauka. Mai kulochi sai an ninka girman inbata.

Telan Maraɗi: Sannunku 'yan uwa. Ni ba zan ba da shawarar keke mai allo ba ko kaɗan, don na gani a jikina. Na sayi wata indastiriyal mai cikakkiyar kwamfuta, irin mai yanke zare da kanta, mai ɗaure ɗinki a farko da ƙarshe. Daɗin aiki kam ba a magana, almakashi ma mantawa kake da shi. Rannan wuta ta dawo da ƙarfi, keken na jone, allon ya nuna wasu lambobi ya ƙi tashi. Mai gyaran da ke garinmu ya ce shi ƙarfe ya sani. Sai da aka aika Kano neman allo, makonni keken na lulluɓe da zani, ga ɗinkin mutane. Tun daga nan na ce ni da mai allo sai dai kallo.

Mai Gyaran Keke: Allah ya mayar da alheri ɗan uwa. Amma ka lura, ba ɗinki ne ya kashe allon ba, wuta ce. Abu uku nake gaya wa duk wanda na haɗa wa irin wannan keke. Sitabilaiza tsakaninsa da bango. Cire fulogi da zarar an ɗauke wuta, ba kashe makunni kawai ba, kuma kada a mayar sai wutar ta zauna. Sannan a tayar da janareta ya daidaita kafin a jona keke, a cire keke kafin a kashe janareta, don lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa yana tashi shi ne mafi haɗari. Wanda ya kiyaye waɗannan, allonsa na daɗewa.

Kuma naka ya fi na F4 sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Irin naka daidai yake da Jack A4, mai yanke zare da ɗaga ƙafa da kanta. Wannan na mai shago ne da ke da ma'aikata da keke na biyu da na uku, wanda in ɗaya ya tsaya aiki ba zai tsaya ba. Ba zan ba mai keke ɗaya tilo shawararsa ba.

Telan Maraɗi: Allo dai allo ne Malam. Ƙarami ko babba, in ya ƙone zama za ka yi.

Anti Mai Shago: A nan kam ina bayan Telan Maraɗi kaɗan. Shi ya sa ni da za a bi tawa, ta sayi Jukin nan ta hannu, ta sayar da motar kulochin ko ta ajiye, ta sa mata motar sabo ta ƙarƙashin tebur. Ana sayar da su daban, kuma ramukan noti ɗaya ne, mai gyara zai ɗaura cikin ɗan lokaci. In allon wannan motar ya ƙone, ko wace irin mota aka samu a kasuwa za a ɗaura, ko ma a mayar da tsohuwar a ƙarasa ɗinkin sallah. F4 kuwa sai nata allon, tunda a jikin kai yake.

Mai Gyaran Keke: Wannan hujja ce mai ƙarfi Anti, ban da ta cewa a kanta. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne kalmar "ta hannu". Juki mai lafiya ta hannu ta fi min sabbin kekuna da yawa. Amma kan da ya shekara goma a masana'anta yana aiki dare da rana, aka wanke aka fesa masa fenti, shi ma sunansa Juki ta hannu. Akwai kuma kan da ba Juki ba ne sam, suna kawai aka manna masa, don kamfanoni da yawa suna ƙera kai mai siffa ɗaya da ita. Sabuwar tela ba za ta bambance ba. Sabuwar Jack aƙalla daga kwali za a ciro ta, ga garantin dila, kuma kayan gyaranta sun wadata a Kano yanzu.

Sabuwar Tela: To Malam in na je ganin Jukin me zan duba? Gobe da yamma ya ce in zo.

Mai Gyaran Keke: Kada ki je ke kaɗai, ki ɗauki antinki ko mai gyaran da ita ta yarda da shi, ba wanda mai keken ya kawo ba. Ki tafi da ƙyallayenki, kada ki gwada da nasa, don mai sayarwa ya san yadin da kekensa ke so. Ki ɗauki atamfa, da guntun leshi mai duwatsu ko mai kauri, da yadin hijabi mai santsi, da wani mai talewa.

Kafin a kunna, ki kama sandar da allura ke jiki ki girgiza ta gaba da baya. In tana motsi a cikin gidanta har kina ji, ta cinye, kuma irin wannan keken zai riƙa tsallake ɗinki komai gyaran da aka yi masa. Ki juya wilin da hannu zagaye biyu uku, ya kamata ya tafi sumul ba inda yake cijewa. Sai a kwantar da kan baya ki leƙa kaskon mai. Mai ya zama fari ko ruwan ɗorawa kaɗan. In baƙi ne, ko kika ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ƙasan kaskon, ki yi sallama ki tafi. Ki duba bakin ƙugiyar da ke ɗaukar zare, tsininta ya zama da kaifi, ba a dakushe ko a fashe ba.

In an kunna, akwai wani ɗan gilashi a saman kai. A cire zare a taka da gudu na ɗan lokaci, za ki ga mai yana fantsama a cikin gilashin. In bai fantsama ba, famfon ba ya aiki ko hanyar ta toshe, ke nan an daɗe ana gudu da kai a bushe. Daga nan ki ɗinka atamfa ninki biyu, ki haye kan ninki shida kamar inda ɗinki ke haɗuwa a ƙugu, ki sauko kan yadin hijabi ba tare da an taɓa komai ba. Ki danna ribas ki ga ko ɗinkin baya ya yi tsawo ɗaya da na gaba. Ki juya yadin ki duba ƙasansa. In zare ya cukurkuɗe a ƙasa, yawanci zaren sama ne bai ɗauru ba, wannan ƙaramin abu ne, murɗawa ce. Tsallake ɗinki da sabuwar allura shi ne abin tsoro.

Maman Biyu: Tunda ana maganar tsallake, ni tawa baƙar keken ta fara haka tun jiya da na canza allura. Ko ta mutu ne Malam?

Mai Gyaran Keke: Ba ta mutu ba Hajiya. Duba gindin allurar. Ta baƙin keke tana da gefe ɗaya a shafe, a fakitin za ki ga HAx1. Ta indastiriyal irin Juki da Jack gindinta zagayayye ne, DBx1. In yaron shago ya ba ki ta indastiriyal, ko kika sa taki a juye, tsallake za ta yi ta yi. A Butterfly shafaffen gefen dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu zuwa dama, kuma ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure.

Maman Biyu: Wallahi a juye take. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kwari: Ba wanda ya yi maganar wibin. Ko wace keke ta saya, in cikin rigar yana zare-zare kwastoma ba za ta dawo ba.

Anti Mai Shago: Yau kam ka faɗi ta hankali. Kuma wannan ya shiga lissafin kuɗin. Ƙanwata, akwai mai wibin kusa da ke?

Sabuwar Tela: Akwai wani a bakin titi, ana biya duk kaya. Amma shi ma in babu wuta sai ya ƙara kuɗin janareta, kuma lokacin sallah layi ake yi.

Tsohon Tela: To kun ga inda nake. Da kuɗin indastiriyal ɗaya za ta sayi Butterfly da 'yar motarta, ta sayi ƙaramar wibin mai zare uku, ta sayi almakashi na kirki da dutsen guga, ta rage na zare da zif. Ta buɗe shago cikakke wanda ba ya jiran kowa. In Allah ya buɗa bayan sallah biyu ta sayi Jack ɗin da kuɗin da shagon ya haifa, baƙin keken ya koma na ranar da babu wuta, kamar yadda Hajiya mai shago ta ce nata yake. Sai dai ta duba da kyau wajen saye, don baƙaƙen kekunan yanzu ba nauyinsu ɗaya da na da ba, wani kan da an ɗaga za a ji. In ta samu tsohuwar Singer mai lafiya a gidan wata tsohuwa, ta fi min sabuwa.

Mai Gyaran Keke: Ni ma in wutar nan da gaske kwana biyu take yi, kuma babu janareta a gidan, to ba ni da hujjar da zan ja da Baba. Indastiriyal da babu wuta tebur ne kawai. Sabuwar Tela, akwai janareta ko sola a gida? Kuma a wajen antinki da wane keke kika koya?

Sabuwar Tela: Akwai ƙaramin janareta na babanmu, amma da daddare ake tayarwa, in zan yi amfani da shi da rana ni zan sayi mai. Da baƙin keke na fara koyo, shekarar ƙarshe kuma a kan indastiriyal nake, hannuna ya saba da ita sosai, gaskiya komawa takawa zai yi min wuya. Amma antina ta ce tana da tsohon kan Butterfly da ba ta amfani da shi, za ta iya ara min in na sayi ƙafa da tebur.

Anti Mai Shago: Haba ƙanwata, ai da wannan za ki fara faɗa! Kin bar mu muna ta zuba. In akwai aron baƙin keke, kin riga kin samu na ranar duhu. Saura Juki ko Jack kawai. Ni ina nan a kan Juki da motar sabo.

Mai Gyaran Keke: Ni kuma sai na ji abin da aka gani a kaskon mai da gilashin nan. In ta ci gwajin, ki tambayi kuɗin motar sabo ki haɗa da nata, ki gwada da kuɗin sabuwar F4 haɗe da sitabilaiza. In sun yi kusa da juna, ni Jack zan ce, saboda garanti. In Jukin ta fi sauƙi da tazara mai kyau, ki ɗauke ta ki sa ragowar a wibin.

Telan Maraɗi: Ko wacce kika ɗauka, kada ki sayar da motar kulochin. Ki ajiye ta ƙarƙashin gado.

Sabuwar Tela: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan je da antina, zan ɗauko hoton kaskon da na lambar da ke jikin kan in turo. Malam, wane lamba na allura zan riƙe don gwajin?

Mai Gyaran Keke: DBx1, lamba 14 don atamfa, 11 don yadin hijabi, 16 don ninkin mai kauri. Ki saya sababbi a hanya, ki sa da hannunki, dogon kwarin allurar yana kallon hagu.